Me ya sa ake buƙatar saiwar −1, kuma ina take zaune?

Tambaya: "Malam, an koya mana cewa duk lambar da ka ninka da kanta ba ta taɓa ba da abin da ke ƙasa da sifili. Daga baya kuma aka zo aka ce akwai wata i wadda i × i = −1. Wannan ba ƙage ba ne? Mene ne amfaninta, kuma in ina so in zana ta, a ina zan ajiye ta?"

Amsa:

Ɗan'uwa, abin da aka koya maka da farko gaskiya ne, kuma har gobe gaskiya ne, muddin a kan layin lambobi kake tsaye. Uku sau uku tara ne, −3 sau −3 ma tara ne. Ko ka bi layin nan daga wannan ƙarshe zuwa wancan ba za ka sami lambar da za ka ninka da kanta ta ba ka −1 ba. Kuskuren da ake yi wajen koyarwa shi ne a rubuta x² + 1 = 0 a allo, a ce tunda ba shi da amsa bari mu ƙirƙira masa. Ɗalibi mai hankali dole ya yi turjiya a nan, don ba kowace tambaya ce dole ta sami amsa ba. In ka zana y = x² + 1 za ka ga lanƙwasar tana shawagi a sama, ba ta taɓa layin kwance ko sau ɗaya. Zane ya ce babu amsa, lissafi ya ce babu amsa, bakinsu ɗaya. Masana sun shafe ɗaruruwan shekaru suna cin karo da irin wannan, su ce "ba ya yiwuwa", su wuce abinsu, kuma ba su yi asarar komai ba.

Inda tura ta kai bango shi ne ikweshan mai x³. A can ne zane ya ce ga amsa a fili, lissafi kuma ya ce ba zan kai ka gare ta ba sai ka bi ta kan saiwar lambar da ke ƙasa da sifili, wato abin da in ya ninka kansa zai ba da wannan lambar. Bari mu bi hanyar da ƙafarmu, don in ba ka ga inda ta toshe da idonka ba, ba za ka yarda ba.

Ɗauki x³ = 6x + 9. Dabarar da masana lissafi na Italiya suka gano a ƙarni na 16, Scipione del Ferro da farko, sannan Tartaglia, kafin Gerolamo Cardano ya buga ta a littafinsa Ars Magna a 1545, ita ce a fasa x gida biyu, a ce x = u + v. In ka ninka u + v da kanta sau uku ka tattara, za ka samu

(u + v)³ = 3uv(u + v) + u³ + v³

Dubi siffar wannan da kyau, ka dubi tambayarmu. Hagu x³ ne. Dama akwai wani abu sau x, sannan wani saura. Ke nan in muka sami u da v da za su sa 3uv ya zama 6, kuma u³ + v³ ya zama 9, aiki ya ƙare. Daga 3uv = 6 mun san uv = 2, don haka u³ sau v³ zai zama 8. Tambayar ta koma mai sauƙi: waɗanne lambobi biyu ne in ka tara su su ba da 9, in ka ninka su su ba da 8? Takwas da ɗaya. To u³ = 8, v³ = 1, wato u = 2, v = 1, x kuwa 3. Gwada: 27 = 18 + 9. Daidai. Ka ga dabara ce mai kyau, ba tsafi a cikinta.

Yanzu mu kai ta kan x³ = 15x + 4. Kafin ka taɓa alƙalami, gwada 4 da ka: 4 × 4 × 4 = 64, kuma 60 + 4 = 64. Amsa ga ta nan, lamba ce cikakkiya wadda yaro ma zai iya ƙirgawa da yatsu. Sai mu ga ko dabarar za ta gano ta. Muna son 3uv = 15, wato uv = 5, don haka u³ sau v³ = 125. Muna kuma son u³ + v³ = 4. Lambobi biyu da jimillarsu 4, ninkinsu 125.

A nan gizo ke saƙar. Lambobi biyu da jimillarsu 4 ba za su taɓa ba da ninkin da ya wuce 4 ba: 2 da 2 su ne ƙololuwa, 3 da 1 su ba da 3, 5 da −1 su ba da −5, kullum ƙasa ake yi. In ka nace, ka rubuta su a matsayin 2 + s da 2 − s, ninkinsu 4 − s² ne, kana son ya zama 125, sai ka tarar s² = −121. Dabarar ta miƙo maka wannan:

x = ∛(2 + √−121) + ∛(2 − √−121)

Alamar ∛ na nufin saiwa ta uku, lambar da in ka ninka ta da kanta sau uku za ta ba da abin da ke ciki. A wannan karon ba ka da damar cewa "ba amsa" ka tafi, don ka riga ka san amsa 4 ce. Ko dai dabarar ƙarya ce, alhali kowane mataki nata daidai yake, ko kuma wannan tarkacen da ka rubuta da gaske 4 yake nufi ta wata hanyar da ba ka gane ba tukuna.

Cardano ya ga matsalar, bai warware ta ba. A wani wuri a littafin nasa ya gwada raba 10 gida biyu da ninkinsu zai ba da 40, ya sami 5 + √−15 da 5 − √−15, ya ninka su ya ga lallai 40 ke fitowa, sannan ya yi watsi da abin a matsayin wayo marar amfani. Wanda ya zauna ya ɗauki abin da gaske shi ne Rafael Bombelli, injiniya ɗan Bologna wanda sana'arsa busar da fadamu ce, a littafinsa na aljebra na 1572. Tunaninsa kuwa mai sauƙi ne. Abubuwa biyun da ke ƙarƙashin saiwa ta uku bambancinsu alama ɗaya ce kawai, ɗaya tarawa ɗaya ɗebewa. To wataƙila saiwoyinsu ma haka suke, a + b√−1 da a − b√−1, yadda in an tara su baƙon ɓangaren zai cinye kansa, a bar 2a. Tunda 4 muke nema, a = 2.

Bari in rubuta i a madadin √−1 daga nan, ko da yake wannan harafin sai a hannun masanin lissafi Leonhard Euler ya bayyana, a 1777. Dokar wasa guda ce: ka yi aljebra kamar yadda ka saba, duk inda i × i ya fito ka sa −1. To √−121 ya zama 11i. Mu gwada 2 + i:

(2 + i)(2 + i) = 4 + 2i + 2i − 1 = 3 + 4i

(3 + 4i)(2 + i) = 6 + 3i + 8i − 4 = 2 + 11i

Ka ga abin? Saiwa ta uku ta 2 + 11i ita ce 2 + i. Haka ma ta 2 − 11i ita ce 2 − i. Tara su: (2 + i) + (2 − i) = 4. Kuma sharaɗin nan na uv = 5 ya cika, don (2 + i)(2 − i) = 4 + 1 = 5.

Wannan shi ne ainihin dalilin buƙatar. Tambaya ta fito da lambobin zahiri, wato waɗanda ke kan layin lambobi, amsa ta fito da lambar zahiri, amma hanyar da ke tsakaninsu ta sauka daga kan layi ta dawo. Kada kuma ka ɗauka tsautsayi ne ya faɗa wa wannan misalin kaɗai. Ga x³ = px + q, abin da ke ƙarƙashin saiwar shi ne q²/4 − p³/27, kuma yana faɗawa ƙasa da sifili ne daidai lokacin da ikweshan ɗin yake da amsoshi uku mabambanta, dukkansu na zahiri. Wato a lokacin da amsoshin suka fi kowane lokaci zama a fili, a lokacin ne dabarar take tilasta maka i. An daɗe ana neman wata fomular da za ta kauce wa wannan, daga baya a ƙarni na 19 aka tabbatar cewa babu ita: in amsoshin uku na zahiri ne kuma babu ko ɗaya da za a iya rubutawa a matsayin lamba bisa lamba, ba za ka iya fitar da su da tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa da saiwoyi ba tare da ka taka i ba.

Duk da haka, Bombelli ya nuna abin yana aiki ne, bai nuna mene ne shi ba. Shi ya sa masanin Faransa René Descartes a 1637 ya laƙaba musu sunan da muke fassarawa da lambobin zato, sunan da ya bi su har yau, kuma a ganina ya fi duk wata fomula rikitar da ɗalibai. Sai da aka yi fiye da shekara ɗari biyu bayan Bombelli kafin a sami wurin ajiye su.

Mu koma kan layin lambobi, amma wannan karon kada ka kalli lamba a matsayin yawan abu. Kalle ta a matsayin kibiya da ta taso daga sifili. Lamba 3 kibiya ce mai tsawon taku uku tana kallon gabas. Me ninkawa da 2 ke yi mata? Yana ja ta ta yi tsawo, ta zama taku shida, fuskarta ba ta sauya ba. Me ninkawa da −1 ke yi mata? Tsawonta bai sauya ba, amma ta koma kallon yamma. An juya ta rabin zagaye, digiri 180. Sake ninkawa da −1, ta ƙara rabin zagaye, ta dawo gabas. Ka ga dalilin da ya sa −1 sau −1 yake ba da 1, abin da aka sa mu haddace ba bayani: wanda ya juya baya sau biyu ya dawo yana kallon inda ya fara.

To yanzu sake karanta tambayar i × i = −1 da wannan idon. Wane aiki ne in ka yi shi sau biyu a jere zai zama juyin rabin zagaye? Juyin kwata, digiri 90. Kana kallon gabas, ka juya hagu kana kallon arewa, ka sake juyawa hagu kana kallon yamma. Shi ke nan. Ninkawa da i juyin kwata ne zuwa hagu, akasin yadda hannun agogo ke tafiya. Ita kanta i kuwa ita ce inda 1 ta sauka bayan juyin farko: taku ɗaya arewa da sifili. Dalilin da ya sa ka neme ta a kan layi ka rasa shi ne layin gabas da yamma kawai ya sani. Tana nan kusa, taku ɗaya daga sifili kamar yadda 1 da −1 suke, sai dai a gefe.

Daga nan lambobi suka tashi daga layi suka cika shimfiɗar takarda. Lamba kamar 3 + 2i wuri ne: taku uku gabas, taku biyu arewa. Tarawa tafiya ce bayan tafiya, ka yi ta farko, daga inda ka tsaya ka ɗora ta biyu. Gwada juyin a kan wannan: i × (3 + 2i) = 3i − 2, wato −2 + 3i, taku biyu yamma, uku arewa. Ɗauki takarda mai layukan murabba'i ka zana kibiyoyin biyu. Tsawonsu ɗaya, kuma kusurwar da ke tsakaninsu kusurwar gini ce, digiri 90 cif. Ina roƙonka ka zana da gaske, kada ka wuce da ido kawai. Na sha ganin ɗalibin da ya yi wata guda yana haddace i² = −1, i³ = −i, i⁴ = 1 kamar karatun dole, ranar da ya ɗora yatsa a takarda ya bi gabas, arewa, yamma, kudu, gabas, sai ya ɗago kai ya ce, "Au, Malam, ashe zagaye kawai take yi?" Daga ranar ko i⁴⁷ ka ba shi, zai ce zagaye goma sha ɗaya cikakku da saura kwata uku, ta tsaya kudu, −i.

Ba mamaki wanda ya fara rubuta wannan hoton sosai mai awon ƙasa ne. Caspar Wessel, ɗan Norway, ya gabatar da shi a Copenhagen a 1797, aka buga a 1799. Mutumin da aikinsa kullum nisa da fuska, taku nawa kuma ta ina, shi ya fi kowa kusa da ganin cewa ana iya ninka fuskoki. Da yake da harshen Denmark ya rubuta, kusan shekara ɗari ba wanda ya lura. Argand ya sake gano shi a Paris a 1806, amma sai da Gauss, babban masanin lissafi na Jamus, ya sa baki a 1831 abin ya zauna. Gauss ma ya yi ƙorafi kan suna, yana ganin da tun farko an kira +1 mai gaba, −1 mai baya, √−1 kuma mai gefe, da duhun nan bai taso ba. Ina tare da shi.

Saura babban abu, wanda shi ne zuciyar maganar: me ninkawa da lamba kamar 2 + i ke yi, wadda ba gabas zalla ba ce ba arewa zalla ba? Fasa ta. Ninka wata kibiya da 2 + i yana nufin ka ɗauki kibiyar sau biyu, sannan ka ƙara kibiyar da aka juya kwata. Wato ka bi fuskar kibiyar tsawonta biyu, ka juya hagu, ka yi tsawonta ɗaya. Amma ai ita 2 + i da kanta haka aka gina ta daga 1: taku biyu gaba, juya hagu, taku ɗaya. Alwatika ɗaya ce, sai dai yanzu an ɗora ta a kan sabuwar kibiya maimakon kan layin gabas, kuma an auna ta da tsawon kibiyar maimakon taku ɗaya. Sakamakon haka abu biyu ne. Kusurwar 2 + i ta hau kan kusurwar kibiyar, sun taru. Tsawon 2 + i kuma ya ninka tsawon kibiyar. A wajen ninkawa, tsawo da tsawo ake ninkawa, kusurwa da kusurwa ake tarawa.

Mu auna da lambobin Bombelli. Tsawon 2 + i, bisa ƙa'idar Pythagoras, √(4 + 1) = √5 ne, kusan 2.236. Kusurwarta daga gabas kusan digiri 26.57. Mun riga mun ga in ta ninka kanta tana ba da 3 + 4i. Tsawon 3 + 4i shi ne √(9 + 16) = 5, wato √5 sau √5. Kusurwarta kusan digiri 53.13, ninki biyu na ta farko. Ƙara ninkawa, mun sauka kan 2 + 11i, mai tsawo √(4 + 121) = √125, kusan 11.18, da kusurwa kusan digiri 79.70, ninki uku. Aljebra da awo sun faɗi magana ɗaya.

Amfanin wannan nan take yake. Bombelli canka ya yi, kuma ya ci sa'a don ya riga ya san 4. Mu yanzu ba ma buƙatar canka. Neman saiwa ta uku ta 2 + 11i yana nufin: wace kibiya ce in an ninka tsawonta da kansa sau uku a sami √125, in an tara kusurwarta sau uku a sami digiri 79.70? Tsawo √5, kusurwa 79.70 raba uku, 26.57. Ga 2 + i ta fito da kanta.

Sai dai akwai ƙari, kuma shi ya fi burge ni a duk labarin. Kibiyar da ke kan digiri 79.70 ita ce dai ke kan 79.70 + 360, ita ce kuma ke kan 79.70 + 720, don cikakken zagaye ba ya sauya fuska. Raba waɗannan uku-uku, sai ka sami kusurwoyi uku mabambanta: 26.57, da 146.57, da 266.57. Saiwoyi uku ke nan, duka masu tsawo √5, suna zaune a kan da'ira ɗaya, tsakanin kowace da 'yar'uwarta digiri 120, kamar ƙafafun murhu. Kowace u a cikinsu tana da v tata, wadda ita ce hotonta a madubi ta ɗaya gefen layin gabas da yamma. In ka tara kibiya da hotonta, arewa da kudu su kashe juna, a bar ninki biyu na tafiyar gabas ko yamma.

Ta farko tana da taku 2 gabas, ninki biyu 4. Ta biyu, a digiri 146.57, ta karkata yamma da kusan taku 1.866, ninki biyu −3.732. Ta uku, a digiri 266.57, kusan kudu take kallo, ta ɗan taɓa yamma da kusan 0.134, ninki biyu −0.268. Yanzu koma ka bincika ta hanyar da ka saba. Tunda 4 amsa ce,

x³ − 15x − 4 = (x − 4)(x² + 4x + 1)

kuma ɓangare na biyu yana ba da −2 − √3 da −2 + √3, wato −3.732 da −0.268. Su ne. Amsoshi ukun da ke warwatse a kan layi ba tsari, ɗaya can dama, ɗaya can hagu, ɗaya dab da sifili, ashe inuwar kusurwoyin alwatika ce mai gefe uku daidai, wadda ke tsaye a filin da layin ya ratsa. Wanda ke kan layi inuwar kawai yake gani. Wannan kuma ya bayyana abin da ya ɗaure wa mutanen ƙarni na 16 kai, cewa i tana kutsowa ne a daidai lokacin da amsoshi uku suke na zahiri: fomula ɗaya ce za ta haifi amsa uku, kuma saiwa ta uku a kan layi amsa ɗaya tak take bayarwa. Sai a fili take da uku.

Za ka iya tambaya, to in mun ƙirƙiri i don saiwar −1, ba sai mun sake ƙirƙirar wata don saiwar i ba, mu yi ta yi ba iyaka? A'a, kuma hoton ya ba da amsa kafin alƙalami. Rabin juyin digiri 90 shi ne juyin digiri 45. Kibiya mai tsawo ɗaya tana kallon arewa maso gabas, (1 + i)/√2. Ninka ta da kanta: (1 + i)² = 1 + 2i − 1 = 2i, raba da 2, i. Tana cikin filin tun da ma. Abin ya ma wuce saiwoyi: duk ikweshan da aka gina da x, x², x³ har zuwa kowane mataki yana da amsarsa a cikin filin nan, ba sai an fita waje ba. Wannan ne abin da Gauss ya rubuta kundin digirinsa a kai a 1799.

Yanzu wuraren da ake zamewa, don suna nan, kuma kusan kowa sai ya faɗa ɗaya.

Na farko shi ne wannan "hujjar" da ke yawo tsakanin ɗalibai: √−1 × √−1 = √(−1 × −1) = √1 = 1, alhali an ce −1 ne, don haka 1 = −1. Ɓarakar tana mataki na farko. Dokar √a × √b = √(ab) an gina ta ne don lambobin da ba su ƙasa da sifili, inda muka yi yarjejeniya cewa √ na nufin saiwar da ke gabas. A fili kowace lamba ban da sifili tana da saiwa biyu masu kallon kishiyar juna, kuma babu wata yarjejeniyar zaɓe da za ta sa dokar ta tsaya a ko'ina. Duba da kusurwa: −1 tana digiri 180, sau −1 ta kai 360. Rabin 360 shi ne 180, wato −1. Amma da ka rubuta √1 = 1 ka mayar da 360 sifili a ɓoye kafin ka raba, sai ka sauka kan ɗaya saiwar. Maganin a aikace: da zarar ka ga √−9, mayar da shi 3i kafin ka ninka komai. To √−4 × √−9 zai zama 2i × 3i = −6, ba 6 ba. Wannan kuskuren na alama shi na fi yawan gani a takardun jarrabawa.

Na biyu ya shafi fomular Cardano kai tsaye. Tunda u tana da zaɓi uku, v ma uku, wanda ya haɗa su barkatai zai sami jimilla tara, shida a ciki shara ne. Yadda za ka gane: sharaɗin uv = 5 bai tafi ko'ina ba. In ka ɗauki u ta digiri 26.57 ka haɗa da v da ba hotonta ba, kusurwoyinsu ba za su kashe juna ba, ninkinsu ba zai sauka kan 5 ba, jimillarsu ma za ta fito da ragowar i. Ragowar i a inda ka san amsa ta zahiri ce alama ce ta an yi auren da bai dace ba. Na'urar lissafi ma kan jefa mutum a nan, don in ka tambaye ta saiwa ta uku ɗaya za ta ba ka, ba za ta ce maka akwai sauran biyu ba.

Na uku ba kuskure ba ne, farashi ne. Da muka bar layi mun rasa "ya fi" da "bai kai ba". A kan layi kowace lamba tana dama ko hagu da wata. A fili ba haka ba ne, kuma ba rashin dabara ya jawo ba. Ce i ta fi sifili: to ninka ta da kanta ya kamata ya fi sifili, ga shi −1 ne. Ce ba ta kai sifili ba: to −i ta fi sifili, ita ma in ta ninka kanta −1 take bayarwa. Kowace ƙofa a rufe. Za ka iya cewa tsawon 3 + 4i ya fi tsawon 2 + i, don tsawo lambar zahiri ce, amma rubuta 3 + 4i > 2 + i ba shi da ma'ana. Shi ya sa ba za ka taɓa auna nauyi ko ƙirga kaya ka sami i ba. Inda take aiki shi ne duk abin da yake da girma da kuma fuska ko matsayi a zagaye, kamar wutar lantarki mai kai da komo, wadda ƙarfinta tsawon kibiya ne, jinkirinta kuma kusurwa. Injiniyoyin lantarki j suke rubutawa a madadin i, don harafin i sun riga sun ba wa kwararar wuta.

Akwai kuma wani abu ƙarami da nake so ka riƙe, don yana hana mutum ɗaukar zanen da tsarki fiye da kima. Mun ce i arewa ce, −i kudu. Wa ya ce? Juyin kwata zuwa dama ma in ka yi shi sau biyu yamma za ka kalla. Lambobi biyu ne suke ba da −1 in sun ninka kansu, kuma babu wani gwaji na tarawa da ninkawa da lambobin zahiri da zai bambance maka su. Mun zaɓi ɗaya mun kira ta i mun sa ta sama, ɗayar ta zama −i. Da za ka bi duk lissafin da muka yi a sama ka musanya i da −i a ko'ina, ba layin da zai ɓaci: u za ta zama v, v ta zama u, alwatikar ta kife ta koma hotonta na madubi, inuwarta kuma ta faɗi a kan 4, da −3.732, da −0.268 kamar dā.